Sautin da Ba Ya Ƙarewa: Yadda Ake Mai da Guntun Kiɗa ko Ƙarar Ruwan Sama Zagaye Marar Mahaɗa

A YouTube akwai bidiyoyin ƙarar ruwan sama masu tsawon awa takwas ko goma, waɗanda mutane ke kunnawa don barci ya ɗauke su. Da yawa daga cikinsu ba a ɗauki awa goma ana naɗar su ba. Guntun sauti ne na 'yan mintuna, aka sa shi yana zagayowa. Haka kiɗan da ke tafiya a hankali ƙarƙashin muryar mai karanta littafin Hausa a intanet, haka hayaniyar kasuwa a wasan kwaikwayo na rediyo, haka kiɗan da ke cikin wasannin waya. Masu aikin situdiyo suna kiran irin wannan guntun sauti lup.

Kowa zai iya yanka sauti ya ce wa waya ta riƙa maimaita shi. Gwanintar tana wurin da ƙarshe ke komowa farko. Idan an yi aikin da kyau, mai sauraro zai yi awa guda bai san an zagayo sau sittin ba. Idan aka yi shi sakaka, duk bayan 'yan sakanni sai ya ji wani ƙas, ko kiɗa ya yi tuntuɓe, ko ruwan saman ya yi kamar zai ɗauke sannan ya dawo. Ƙa'idar aikin guda ce: abin da ke ƙarshen guntun dole ya zama shi ne abin da kunne ke sa ran ji daf da farkonsa. Tela mai haɗa falle biyu na atamfa ya san wannan, domin idan furen wannan fallen bai ci gaba a wancan ba, ɗinkin zai fito fili komai kyan zaren. Sauran bayanin duk hanyoyi ne na cika wannan ƙa'ida, kuma hanyar da ta dace da kiɗa dabam take da wadda ta dace da ƙarar ruwa.

Daga faifai zuwa kwamfuta

Dabarar ta girmi kwamfuta. A shekarar 1948, a gidan rediyon Faransa da ke Paris, wani injiniya mai suna Pierre Schaeffer ya riƙa yanka faifan garmaho ta yadda layin da allura ke bi zai rufe kansa, maimakon ya ci gaba da murɗawa zuwa tsakiya. Allura sai ta yi ta zagaye wuri guda. Faifan da ke juyawa sau 78 a minti yakan gama zagaye ɗaya cikin ƙasa da sakan guda, don haka tsawon sautin ba zaɓin mutum ba ne, faifan ne ke yanke shi. Da irin wannan dabara ya haɗa aikinsa na ƙarar jiragen ƙasa a wannan shekarar.

Da tef ya zo, sai aka samu sauƙi. Mutum ya yanki zaren tef da reza, ya manne bakinsa da bakinsa, ya zama zobe, ya ɗora a kan na'ura. Masu wannan aiki ba su cika yanka tef a miƙe ba, a karkace suke yanka shi. Dalili kuwa, idan yankan a karkace yake, sautin farko zai riƙa raguwa yayin da na biyu ke shigowa, cikin ɗan lokacin da mahaɗar ke wucewa ta kan na'urar karanta sauti. Wannan yankan karkace shi ne asalin abin da manhajojin yau ke yi da lissafi, kuma za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Yau aikin ba ya buƙatar reza. Manhajar Audacity kyauta ce, tana aiki a kusan kowace kwamfuta, kuma da ita za mu ba da misalai. Wanda ya saba da FL Studio ko wata manhajar zai tarar da kayan aiki iri ɗaya da wasu sunaye.

Daga ina ƙas ɗin yake fitowa?

Sauti girgizar iska ce. Lasifika tana samar da shi ne ta hanyar tura fatarta gaba da baya da sauri. A cikin kwamfuta, ana ajiye sauti a matsayin jerin lambobi, kowace lamba tana faɗin inda fatar lasifika za ta kasance a wani ɗan lokaci. A faifan CD, lambobi 44,100 ne a kowane sakan, a aikin bidiyo kuma yawanci 48,000. Bari mu kira kowace lamba ɗigo. Idan ka buɗe sauti a Audacity ka yi ta ƙara girman zanen, za ka ga layi yana hawa yana sauka a kan wani layin tsakiya, daga ƙarshe ma ka ga ɗigogin ɗaya bayan ɗaya.

A sauti na ainihi, kowane ɗigo yana kusa da maƙwabcinsa, fatar lasifika tana tafiya a jere. Amma idan ka yanka sauti a inda ka ga dama, yana iya yiwuwa ɗigon ƙarshe yana can sama, na farko kuma yana can ƙasa. Da an zagayo, sai a tilasta wa fatar lasifika ta yi tsalle daga gaba zuwa baya a take. Wannan tsallen shi ne ƙas ɗin da kake ji.

Maganin farko shi ne a yanka a daidai inda layin ke tsallaka tsakiya, wato inda fatar lasifika take a wurin hutawarta. A Audacity, bayan ka zaɓi yankin da kake so, danna harafin Z, ko ka shiga Select ka zaɓi At Zero Crossings. Manhajar za ta ɗan matsar da bakunan yankin zuwa wurin tsallakawa mafi kusa.

Wannan magani yana da iyaka biyu. Ta farko, bai isa a ce bakunan biyu suna tsakiya ba, sai an duba inda layin ya nufa. Idan a ƙarshe yana hawa zuwa tsakiya, a farko ya kamata ya ci gaba da hawa. Idan ya hau ya taɓa tsakiya sannan ya juya ƙasa kwatsam, za a ji ɗan dum, musamman a sauti mai kauri irin na ganga. Ta biyu, sauti mai ɓangare biyu, na kunnen hagu da na dama, da wuya ɓangarorin su tsallaka tsakiya a lokaci guda. Ka gyara hagu, dama ya yi ƙas. A nan sai a koma ga gajeren dushewa: a sa sautin ya taso daga shiru a cikin milisakan biyar na farko, ya dushe a milisakan biyar na ƙarshe. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, kuma idan mahaɗar ta faɗo daf da bugun ganga, kunne ba zai lura da wannan ɗan ramin ba.

Akwai wata alama da ya kamata a duba tun kafin a fara yanka. Idan a wurin da babu sauti layin bai kwanta a tsakiya ba, ya ɗan ɗaga sama ko ƙasa, to na'urar da ta naɗi sautin ce ta karkatar da shi. Shiga Normalize, ka zaɓi Remove DC offset, layin zai koma wurinsa.

Kiɗa: ƙirga ake yi, ba ƙiyasi ba

Kawar da ƙas ƙaramin aiki ne. A kiɗa, babban aikin shi ne tsawo. Mutum yana bin kiɗa da jikinsa, yana kaɗa kai ko ƙafa, kuma jikin ya riga ya san lokacin da bugu na gaba zai sauka. Idan ya makara ko ya yi gaggawa da ɗan kaɗan, nan take za a ji tuntuɓe, ko da wanda ke sauraro bai taɓa riƙe makaɗi ba.

Mu ɗauki misali. Kana da kiɗan ganga da kalangu da aka naɗa a situdiyo, kana son guntun da zai zauna ƙarƙashin sanarwar rediyo. Fara da saurare kana tafi, har ka gane inda jimlar kiɗan ke farawa da inda take komowa. A ce jimlar bugu huɗu ce, kalangun kuma yana canja salo sau huɗu kafin ya koma na farko. Ke nan cikakken zagaye bugu 16 ne. Sa alama a bugu na 1, ka ƙirga har ka kai na 17, ka sa alama a nan. Bugu na 17 shi ne na 1 a zagaye na gaba, saboda haka ba ya cikin lup ɗinka. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi ke nan: su yanka a ƙarshen ƙarar bugu na 16, su manta da ɗan lokacin da ke tsakaninsa da na 17, alhali wannan lokacin ma kiɗa ne.

A ce tsakanin alamomin biyu ka samu sakan 9.6. Raba shi gida 16, kowane bugu ya zama sakan 0.6, wato bugu 100 a minti guda. Wannan adadin shi ne manhajoji ke nunawa da BPM. Idan tun farko ka san saurin kiɗan, lissafin yana juyawa:

```
tsawo = (60 ÷ BPM) × yawan bugu
(60 ÷ 100) × 16 = 9.6
9.6 × 44100 = 423360
```

Lambar ƙarshe ita ce yawan ɗigogin da lup ɗin zai ƙunsa. A ƙasan Audacity akwai akwatin da ke nuna tsawon yankin da aka zaɓa, ana iya mai da ma'auninsa zuwa samples a rubuta lambar kai tsaye. Wannan ya fi jan linzamin kwamfuta da ido.

Me ya sa ake wannan tsanantawa? A ce ka yi kuskuren milisakan 20 kawai, lup ɗinka ya zama sakan 9.62. Idan shi kaɗai ke tafiya, mai kaifin kunne ne zai ji ɗan jan ƙafa a mahaɗa. Amma idan ka ɗora shi a kan wani kiɗan mai bugu 100 daidai, kuskuren taruwa yake yi. Bayan zagaye 30, wato kafin minti biyar ta cika, ya zama milisakan 600, bugu guda cur. Mawallafin kiɗa ɗan Amurka Steve Reich ya ga irin haka a 1965, lokacin da ya ɗora zoben tef iri ɗaya a na'urori biyu, ɗaya ta riƙa tsere wa ɗaya sannu a hankali. Shi ya mai da zamewar fasaha a aikinsa It's Gonna Rain. A wurin mai haɗa sanarwa kuwa, ɓarna ce.

Sai batun inda za a ɗora wuƙa. Kada ka yanka a tsakiyar kan bugun, inda zanen ya yi tsini. Wannan ɗan farkon shi ne ke ba ganga kaifinta, idan aka gutsure shi bugun farko zai fito a dakushe, ya bambanta da sauran. Koma baya kamar milisakan goma kafin bugu na 1 ka yanka, sannan ka koma baya daidai wannan adadin kafin bugu na 17. Tsawon bai canja ba, bugun kuma ya tsira da kansa.

Idan makaɗa ne suka yi kiɗan da hannu ba tare da na'urar ƙirga ba, lissafin ba zai fito cif-cif ba, domin makaɗi yakan ƙara wuta yayin da kiɗa ke daɗi. A nan kunne ne alƙali. Nemi wurin da kiɗan ya zauna, yawanci a tsakiya, ka auna bugu huɗu na farkon yankinka da huɗu na ƙarshe. Idan na farko sun ci sakan 2.4, na ƙarshe kuma 2.3, to duk zagayowa za a ji kamar an taka birki. Gara ka ɗauki gajeren yanki mai bugu takwas da saurinsa bai canja ba, da ka ɗauki dogo mai gudu.

Wutsiyar amo

Ko an yi ƙirga daidai, akwai abin da kan tona asiri. Bugun ganga ba ya mutuwa nan take, yana barin amo a ɗaki, haka ma sautin fiyano ko sarewa yana jan wutsiya. A kiɗa mai gudana, amon bugu na 16 yana shiga cikin na 17. Idan ka yanko lup daga farkon waƙa, inda shiru ne ya gabaci bugu na 1, to a kowane zagaye amon zai katse kwatsam, ɗakin ya bushe na ɗan lokaci.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanko daga tsakiyar kiɗan, inda jimlar ta riga ta zagayo aƙalla sau ɗaya. A nan bugu na 1 yana ɗauke da amon irin abin da zai gabace shi a lup. Idan kai ne ka haɗa kiɗan a manhaja, fitar da zagaye biyu a jere, sakan 19.2 a misalinmu, ka jefar da na farko ka riƙe na biyu. Idan zagaye ɗaya kawai kake da shi tare da wutsiyarsa, yanke duk abin da ya wuce sakan 9.6, ka kai shi wani layi, ka ɗora shi a kan farkon lup ɗin su gauraya. Amon da ya kamata ya biyo bayan ƙarshe ya sami wurinsa ke nan.

Ruwan sama a kan kwano: a nan saƙawa ake yi

Ƙarar ruwan sama, iska, kukan gyare da dare, hayaniyar tasha, duk ba su da bugun da za a ƙirga. Wannan sauƙi ne ta wani gefen, tunda kowane tsawo ya halatta. Wahalar ita ce babu bugun ganga da zai rufe mahaɗa, kuma ƙarfin sautin da launinsa suna canjawa a hankali, har ƙarshe ya bambanta da farko ba tare da ka lura ba. Dushewar milisakan biyar ba za ta ɓoye wannan ba. Abin da ake yi shi ne a ɗora farko a kan ƙarshe, ɗaya na dushewa ɗaya na tasowa, irin abin da yankan tef a karkace ke yi, sai dai a nan sakanni ake ba shi.

Ga aikin dalla-dalla. Ka naɗi ruwan sama yana zuba a kan rufin kwano na minti biyar, ka zaɓi sakan 60 da ruwan ke zuba bai-ɗaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Yanke sakan huɗu na farko. Buɗe sabon layi a ƙasa, ka manna su ta yadda za su zauna daidai ƙarƙashin sakan huɗu na ƙarshen abin da ya rage. Yanzu layin sama yana da sakan 56, guntun ƙasa kuma ya fara daga sakan na 52 zuwa na 56. Zaɓi wannan yanki a layukan biyu, ka shiga Effect ka nemo Crossfade Tracks. Bayan haka ka haɗe layukan da Mix and Render.

Duba abin da ya faru. Sabon lup ɗin yana farawa ne daga inda sakan na huɗu na ainihin naɗin ya ƙare. A ƙarshensa kuma, tsohon ƙarshe ya dushe gaba ɗaya, abin da ake ji shi ne waɗancan sakan huɗu na farko, suna tafiya har inda aka yanke su. Ke nan ɗigon ƙarshe da ɗigon farko maƙwabtan juna ne tun a ainihin naɗin. Babu tsalle, babu ƙas, ba a ma buƙatar danna Z. An rasa sakan huɗu, shi ne kuɗin aikin.

A cikin Crossfade Tracks akwai zaɓi mai muhimmanci. Constant Gain yana rage ɗaya yana ƙara ɗaya a miƙe, har a tsakiya kowanne ya zama rabi. Mutum zai ɗauka rabi da rabi sun cika ɗaya, amma haka na faruwa ne kawai idan sautukan biyu suna hawa da sauka tare. Ƙarar ruwa biyu daga lokuta dabam ba sa tafiya tare, wani wuri su ƙarfafa juna wani wuri su soke juna, sai ƙarfin ya faɗi da kusan desibel uku a tsakiya. Abin da za ka ji shi ne ruwan ya ɗan lafa a kowane zagaye. Constant Power 1 yana riƙe kowanne a kusan kashi 71 cikin ɗari a tsakiya, ƙarfin sai ya tsaya daram. Shi ya dace da ruwa, iska da hayaniya. Idan kuwa sauti ɗaya ne miƙaƙƙe, kamar dogon sautin fiyano da aka daidaita hawa da saukarsa, Constant Power zai sa ya kumbura a tsakiya, Constant Gain ne nasa.

Tsawon saƙawar ya dogara da sautin. Ruwa da iska suna son sakan biyu zuwa biyar. Hayaniyar mutane tana son abin da bai kai haka ba, domin idan ta yi tsawo za a ji kasuwar ta ninka cika na ɗan lokaci. Sannan a kula da ƙugin lantarki ko na janareto da ya shiga naɗin. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, ƙuginta kuma sauti ne mai tsari. Idan aka ɗora ƙugi a kan ƙugi ba su dace ba, sai ya nutse ya taso a mahaɗa. A ƙarar ruwan sama ana iya rage shi da High-Pass Filter a wajajen 100 Hz kafin a fara yanka, amma kashe janareto kafin naɗi ya fi kowace tacewa.

Kunne yana da tuni

Mahaɗa tana iya ɓacewa sarai, amma mai sauraro ya gane ana maimaitawa. Zakara ɗaya da ya yi cara a sakan na 20, ko babur da ya wuce, ko ɗigon ruwa mai ƙara da ya faɗa bokiti, ya isa. A zagaye na farko ba komai ba ne. A na uku kunne ya haddace shi, a na biyar yana jiran sa. Saboda haka wurin da ya fi dacewa da lup shi ne wurin da babu abin da ya faru a cikinsa. Duk abin da ya fito fili a cire shi, a saƙa bakunan wurin kamar yadda aka yi a sama.

Idan kana son tsawa ko kukan tsuntsu, ajiye su a layi dabam ka warwatsa su da hannu. Ko ka bi hanyar da Brian Eno ya bi a faifansa Music for Airports na 1978, inda ya bar zobban tef masu tsawo dabam-dabam suna tafiya tare. Ɗora lup ɗin ruwanka mai sakan 56 da na kwaɗi mai sakan 45. Ba za su sake haɗuwa a farkonsu tare ba sai bayan sakan 2,520, wato minti 42. Da na kwaɗin sakan 28 ne, da duk sakan 56 komai zai koma yadda yake. Sirrin shi ne a zaɓi tsawo biyu da babu lambar da ke raba su duka.

Inda MP3 ke ɓata aiki

Mutane da yawa sukan gama komai lafiya, su fitar da fayil, su kunna, sai su ji ɗan shiru a mahaɗa, su koma suna zargin yankansu. Laifin na MP3 ne. Wannan tsari yana ajiye sauti ne a ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗigo 1,152. Lup ɗinmu na ganga mai ɗigo 423,360 ƙunshi 367 ne da rabi, dole a cike gurbin da shiru. Ban da haka, aikin matse sautin da warware shi yana ƙara shirun ɗigo dubu da 'yan kai a farko, kusan milisakan 25. Ka tuna abin da milisakan 20 ya yi wa kiɗa a baya. Wasu manhajojin sauraro suna karanta bayanin da ke cikin fayil su yanke wannan ƙari, wasu ba sa yi. Tsarin AAC, wanda fayilolin M4A suka fi ɗauka, shi ma yana da irin wannan ƙarin.

Don haka a ajiye lup a WAV, ko FLAC idan ana son rage nauyi ba tare da an taɓa ɗigo ko ɗaya ba. Masu haɗa wasanni sun fi amfani da OGG, domin yana da sauƙin nauyi kuma yana riƙe ainihin tsawon sautin. Idan za ka aika wa abokin aiki ta WhatsApp, aika ainihin fayil ɗin a matsayin Document.

Ko fayil ɗin WAV ne, manhajar kiɗa ta waya tana iya ɗan tsayawa kafin ta sake farawa. Idan abin da kake so shi ne awa guda ta ruwan sama a waya, kada ka dogara da maɓallin maimaitawa. Yi amfani da Repeat a Audacity ka jera lup ɗin mai sakan 56 sau 65, ka samu awa ɗaya da sakan 40, ka sa dushewa a farko da ƙarshe, sannan ka fitar da shi MP3 sau ɗaya. Shirun zai tsaya a bakin farko da na ƙarshe, inda ba ya cutar da kowa. Nauyin ma zai sauko daga sama da megabayit 600 na WAV zuwa kusan 60 a ma'aunin 128 kbps.

Gwaji kafin a sallama

Wanda ya yi yankan ya san inda mahaɗa take, idonsa kuma yana bin zanen a allo, don haka shi ne mafi raunin alƙali. Jera lup ɗin sau huɗu da Repeat, ka sa abin ji a kunne, ka fara daga wani wuri a tsakiya, ka rufe ido. Duk inda ka ji wani abu, tsayar ka duba. Ƙas yana nufin ɗigogi ba su haɗu ba. Tuntuɓe yana nufin tsawo bai yi daidai ba. Bushewar ɗaki wutsiyar amo ce aka yanke. Lafawar sauti kuma zaɓin saƙawa ne bai dace ba. Ka sake gwadawa a lasifikar waya, domin ƙaramar lasifika takan fito da ƙas ɗin da kaurin babba ya danne.

Abu na ƙarshe shi ne haƙƙi. A 1969 ƙungiyar The Winstons ta Amurka ta fitar da wani kiɗa mai suna Amen, Brother, a cikinsa akwai sakan shida zuwa bakwai da makaɗinsu Gregory Coleman ya buga ganguna shi kaɗai. An yanki wannan guntun an zagaya shi a dubban waƙoƙi, shi kuwa ya rasu a 2006 bai ci ribarsa ba. Gajartar guntu ba ta mai da shi na kowa. Idan kiɗan wani za ka yanka don aikin da za ka yaɗa ko ka sayar, nemi izininsa tukuna. Idan kuwa koyo kake so, jira ruwan farko na damina, ka kashe fanka da janareto, ka ajiye waya a ƙarƙashin rufin kwano na minti biyar. Wannan sautin naka ne, kuma ya ishe ka gwada yawancin abin da aka faɗa a nan.